Gadar dayod huɗu da kafasita: yadda ake lissafin riful ga lodin amfiya ɗaya

Tambaya daga wani ɗalibi a Anguwan Rogo, Jos: "Malam, ina haɗa abin ba da wuta na 12 V don ƙaramin amfilifaya mai jan 1 A. Ina da taransifoma mai fitar da 12 V, da dayod 1N4007 guda huɗu, da kafasita 1000 µF, da regileta 7812. Idan ba lodi mita na nuna 17 V a kan kafasita, amma da na jona amfilifaya sai wutar ta faɗi, sifika ta kama gurnani. Wace kafasita zan sa, kuma yaya ake lissafin riful ɗin?"

Ɗan'uwa, kafasitarka ta yi ƙanƙanta, wannan babu shakka, amma ko ka sauya ta da babba gurnanin ba zai tafi gaba ɗaya ba, domin taransifomar 12 V ba ta isa ta ciyar da 7812 a kan amfiya ɗaya. Lissafin ba daga kafasita yake farawa ba. Yana farawa ne daga mafi ƙarancin wutar da regileta take buƙata a bakinta, sannan a koma baya zuwa kafasita, daga nan zuwa dayod, daga nan zuwa taransifoma. Bari mu bi shi da kayan da ke hannunka tukuna, domin ka ga inda wutar take ɓacewa.

Lambar 12 V da aka rubuta a jikin taransifoma ƙimar RMS ce, wato wutar da za ta dumama waya daidai da yadda batirin 12 V zai dumama ta. Igiyar wutar kanta tana hawa ta wuce haka, kuma ƙololuwarta ita ce wannan lamba sau 1.414, wanda ya ba mu 17 V. A cikin gada, kowane rabin zagaye dayod biyu ne suke aiki a jere, ɗaya a hanyar fita ɗaya a hanyar dawowa, ragowar biyun suna toshe. A aji ana koyar da cewa kowane dayod na silikon yana cin 0.7 V, kuma hakan daidai ne idan wutar da ke bi ta cikinsa kaɗan ce. A wannan aiki kuwa dayod yana ɗaukar amfiya da yawa a ɗan lokacin da yake buɗe, saboda haka ya fi aminci ka ɗauki 1 V ga kowanne. Ke nan abin da kafasita za ta iya kaiwa idan akwai lodi shi ne:

```
Vp = 1.414 × Vrms − 2 × Vd
Vp = 1.414 × 12 − 2 = 15 V
```

Ita 17 V ɗin da mita ta nuna maka ba ƙarya ba ce, sai dai ba wutar aiki ba ce. Ƙaramar taransifoma tana fitar da fiye da abin da aka rubuta mata idan ba ta ɗauke da komai, dayod ɗin ma ba sa cin wuta sosai a lokacin, kafasita kuma ta cika ta zauna babu mai ɗiba. Duk wani awo da aka yi ba tare da lodi ba amfaninsa ɗaya ne kawai, wato sanin ƙarfin wutar da kafasita za ta jure, kuma za mu zo kansa.

Yanzu sai riful, wato rawar da wutar take yi tsakanin sama da ƙasa a kan kafasita. Wutar gari a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, gada kuma tana juyo rabin zagayen da ke ƙasa zuwa sama, saboda haka kafasita tana samun ciko sau 100 a daƙiƙa, tsakanin ciko da ciko milisakan 10. Ka ɗauke ta kamar randa mai famfo a gindi wadda ɗan ga-ruwa yake zuwa ya cika lokaci-lokaci: ruwan yana fita ba tsayawa, kuma yawan saukar da zai yi kafin a sake cikawa ya danganta da ƙarfin ɗiba, da tsawon jira, da faɗin randar. A lissafe, cajin da lodi ya kwashe shi ne wutar da yake ja sau lokaci, faɗuwar da za a gani kuma ita ce wannan caji a raba da girman kafasita:

```
ΔV = I × t / C = I / (2 × f × C)
f = 50 Hz:  ΔV = I / (100 × C)
```

A nan I a amfiya yake, C a farad, ΔV kuma tazara ce daga saman riful zuwa ƙasansa. Akwai hanyar haddace shi da take sauƙaƙa aiki a kan benci: a 50 Hz, kafasita 10000 µF tana ba da riful 1 V ga kowace amfiya ɗaya. Daga nan komai rabo ne. Kafasita 4700 µF za ta ba da 2.1 V, 2200 µF za ta ba da 4.5 V, taka ta 1000 µF kuma lissafi ya ce 10 V. Ka kula idan kana duba misalai daga littattafan Amurka, domin wutarsu 60 Hz ce, suna raba da 120 a inda mu muke raba da 100, kuma kafasitar da ta ishe su za ta ba ka riful da ya ƙaru da kashi 20 cikin 100.

Wannan 10 V ɗin ya wuce gaskiya, kuma yana da kyau ka san dalili. Lissafin ya ɗauka cewa kafasita tana zubarwa tsawon milisakan 10 cif, alhali igiya ta gaba tana tasowa ta tarbe ta tun kafin lokacin ya cika. Idan riful ƙarami ne, kuskuren kaɗan ne, idan kuwa ya kai rabin ƙololuwa kuskuren ya yi girma. A haɗinka abin da za a gani zai kusanci 7 V, wato wutar tana hawa 15 V tana sauka wajen 8 V sau ɗari a kowace daƙiƙa. Ita 7812 ba ta ƙara wuta, ragewa kawai take yi, kuma tana bukatar bakinta ya fi fitarta da kimanin 2 V, shi ya sa takardar bayananta take ba da tabbacin 12 V daga shigar 14.5 V zuwa sama. Duk lokacin da wutar kafasita ta sauka ƙasa da haka, regileta ta saki aikinta, ramin ya wuce kai tsaye zuwa amfilifaya, kuma wannan rami mai maimaituwa a 100 Hz shi ne gurnanin da kake ji.

Abin da nake so ka riƙe shi ne regileta ba ruwanta da matsakaicin wuta, ƙasan riful take gani. Mita a ma'aunin DC kuwa matsakaici take nunawa, don haka tana iya nuna maka 14 V ka ɗauka komai lafiya, alhali ƙasan yana 13 V. Gwada manyan kafasitoci a kan taransifomarka ka gani. Da 4700 µF ƙasan zai tsaya wajen 12.9 V, da 10000 µF zai tsaya 14 V, duka biyun ba su kai 14.5 V ba. Wannan ma idan wutar gari ta cika 230 V ke nan. Da yamma a unguwanni masu cunkoso, lokacin da kowa ya kunna kayansa, wuta tana sauka, kuma idan ta ragu da kashi 10 cikin 100 ƙololuwar kanta za ta koma 13.3 V. A nan ko wace irin kafasita ka sa ba za ta cece ka ba, domin kafasita ba ta wuce ƙololuwar da taransifoma ta ba ta.

Saboda haka mu sake zanen da taransifoma mai 15 V. Idan wuta ta cika, ƙololuwa ita ce 21.2 V, a cire 2 V na dayod, saura 19.2 V. Amma ba a yin zane a kan rana mai kyau, a kan mafi munin yanayin da ake so na'urar ta ci gaba da aiki ake yi. Mu ɗauki saukar kashi 10 cikin 100, wato wutar gari ta koma 207 V, taransifoma ta ba da 13.5 V:

```
Vp(min) = 1.414 × 13.5 − 2 = 17.1 V
ΔV(max) = 17.1 − 14.5 = 2.6 V
C = 1 / (100 × 2.6) = 0.00385 F = 3850 µF
```

Girman da ake samu a kasuwa sama da wannan shi ne 4700 µF, sai dai kafasitocin alminiyam irin waɗannan yawanci suna da sassaucin kashi 20 cikin 100 sama ko ƙasa, ke nan wadda aka rubuta wa 4700 tana iya zama 3760 µF tun tana sabuwa. Da wannan adadi lissafi mai sauƙi zai ba da 2.66 V, ya ɗan haura abin da muke da shi. Nan ne ya kamata a gyara lokacin zubarwa, a daina ɗaukar milisakan 10 cif. Dayod suna fara buɗewa ne a lokacin da igiya mai tasowa ta cim ma wutar kafasita, kuma kusurwar da ke tsakanin wannan wuri da ƙololuwa ana samunta haka, inda Vpk yake nufin ƙololuwar taransifoma kafin a cire na dayod, wato 1.414 × 13.5 = 19.1 V:

```
cos θ = 1 − ΔV / Vpk = 1 − 2.66 / 19.1 = 0.861
θ = 30.6°
t(caji) = 30.6 / 180 × 10 ms = 1.7 ms
ΔV = 1 × 0.0083 / 0.00376 = 2.2 V
```

Wato kafasita tana zubarwa na milisakan 8.3 ne kawai, riful ya koma 2.2 V, ƙasansa ya tsaya 14.9 V, kuma 4700 µF ta tsallake da kyar. Ni dai ba zan tsaya a kanta ba, kuma dalilaina uku ne da lissafin bai ƙunsa ba. Wayar taransifoma tana da nata juriyar, kuma a daidai lokacin da kafasita take zuƙar caji da ƙarfi wannan juriya tana danne kan igiyar, ƙololuwa ta ragu da rabin bolt ko bolt guda a ƙaramar taransifoma. Kafasita kuma tana bushewa da shekaru da zafi, girmanta yana raguwa. Sannan idan aka koma kan ƙaramin janareta wanda lodi ya yi wa yawa, injin yana rage gudu, juyawar wuta ta sauka, kuma a 45 Hz riful yana ƙaruwa da kashi 11 cikin 100. Shawarata ita ce 6800 µF, ko 3300 µF guda biyu a haɗe gefe da gefe idan ita ce ta fi samuwa a shagunan wajen Taminus. Da 6800 µF riful a lissafi mai sauƙi 1.5 V ne, ko ta zo da ragin kashi 20 kimanin 1.8 V ne kawai, ka samu sararin da zai shanye waɗancan abubuwa.

Kada kuma ka ce tunda babba ta fi, bari ka sa 22000 µF ka huta. Cajin da lodi yake kwashewa a kowane rabin zagaye bai canzawa, milikulom 10 ne ga amfiya ɗaya, kuma dole a mayar da shi cikin ɗan lokacin da dayod suke buɗe. Duk yadda ka ƙara girman kafasita, lokacin yana ƙara gajarcewa, wutar da ke bi ta dayod da taransifoma tana ƙara tsini. A taransifoma ta gaske wannan bugu yakan ɗauki kimanin milisakan 3, kuma idan ka raba milikulom 10 a kan wannan lokaci da siffar rabin igiya, tsininsa yana kaiwa amfiya 5. Zafin waya yana tafiya ne da wuta sau kanta, shi ya sa irin wannan bugu yake dumama taransifoma fiye da amfiya ɗaya mai gudana a hankali, ƙimarsa ta RMS tana faɗawa tsakanin 1.6 A da 2 A. Ke nan taransifomar da za ka nema 15 V ce mai 2 A, wato 30 VA. Wadda aka rubuta wa 1 A za ta yi aiki na ɗan lokaci, ta yi zafin da hannu ba zai zauna a kanta ba, wutarta kuma ta faɗi ƙasa da abin da muka lissafa. Kafasitar ma tana ɗaukar rabonta na wannan bugu, kimanin 1.5 A, don haka ka zaɓi mai jiki, mai alamar 105°C, ba 'yar siririya mai babbar lamba ba.

Game da dayod, kowanne yana aiki rabin lokaci, matsakaicin abin da yake ɗauka 0.5 A ne, kuma 1N4007 an yi shi don 1 A, saboda haka a takarda ya isa. Wutar baya da yake tarewa a gada ba ta wuce ƙololuwar taransifoma, ƙasa da 30 V, alhali yana jure 1000 V, wannan ba abin damuwa ba ne. Inda nake ɗari-ɗari da shi shi ne lokacin kunnawa, domin kafasita da ba ta da caji kamar gajeriyar waya take a daƙiƙar farko, kuma abin da ke tsayar da wutar juriyar taransifoma ce kawai. 1N4007 yana jure bugu ɗaya na 30 A, 1N5408 kuwa an yi shi don 3 A kuma yana jure 200 A, bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ka sa 1N5408, ko dunƙulalliyar gada mai 3 A ko 4 A, ka bar wa ƙafafun dayod ɗan tsawo domin ta nan suke fitar da zafi.

Yanzu awon da ba lodi ya zo da amfaninsa. Ƙarfin wutar da za a rubuta a jikin kafasita ana zaɓarsa ne a kan yanayin da ya saɓa wa na ɗazu, wato wutar gari ta hau da kashi 10, taransifoma ba ta ɗauke da komai ta ƙara wani kashi 10. Lissafin ya ba da 18.2 V RMS, ƙololuwa 25.7 V, a cire ɗan abin da dayod suka ci, saura kusan 24.5 V. Kafasita mai 25 V tana bakin iyakarta ke nan, don haka 35 V za ka saya. Ka tabbatar da ƙafar da ke gefen zanen ragi ta tafi gefen ragi na gada, domin kafasitar da aka juya tana kumbura ta fashe. Ka kuma sa razista 2.2 kΩ mai wat ɗaya a tsakanin ƙafafunta domin ta sauke caji bayan an kashe, da fiyus mai jinkirin yankewa na kimanin 250 mA a gefen 230 V, kuma kada hannunka ya kusanci wannan gefe sai ka zare filogi.

Farashin da ake biya a kan wannan sarari da muka samar shi ne zafi a regileta. Idan wuta ta cika, matsakaicin abin da ke bakinta kusan 18.4 V ne, tana fitar da 12 V, bambancin sau amfiya ɗaya ya haura wat 6, idan wutar gari ta hau kuma ya wuce wat 8. Jikin 7812 shi kaɗai yana hawa fiye da digiri 50 a kan kowane wat, saboda haka ba tare da farantin alminiyam ba za ta kashe kanta cikin ƙanƙanin lokaci, ta huce, ta dawo, ka ɗauka waya ce ta saki. Sanyin Jos ba zai taimaka ba idan akwatin a rufe yake. Ka nemi faranti mai kimanin 4°C/W, ka shafa man da ke isar da zafi, ka huda akwatin sama da ƙasa. Ka sa ƙananan kafasitoci biyu dab da ƙafafunta, 0.33 µF a shiga da 0.1 µF a fita, kamar yadda takardarta ta nuna.

Akwai wani gurnani da ba daga girman kafasita yake zuwa ba, daga yadda aka ja waya yake. Bugun amfiya 5 ɗin nan yana zagayawa ne tsakanin taransifoma, gada da kafasita, kuma idan ƙafar ƙasa ta regileta ta jonu a tsakiyar wannan hanya, ɗan faɗuwar wutar da ke kan wayar zai shiga fitarta. Juriyar 0.02 Ω kawai a kan 5 A ta ba da 0.1 V, wanda ya isa kunne ya ji a sifika. Ka ja waya mai kauri kuma gajeriya daga gada zuwa ƙafafun kafasita, sannan daga kan ƙafafun kafasitar kansu ka ɗauki wayoyin da za su tafi regileta da amfilifaya.

Bayan ka gama haɗawa, kada ka fara gwaji da amfilifaya, domin abin da yake ja yana hawa yana sauka da ƙarar sauti. Ka jona razista 12 Ω mai wat 20 ko fiye a fitar regileta, wadda za ta ja amfiya ɗaya daidai, ka ajiye ta a kan abin da ba ya ƙonewa. Idan akwai osiloskof a ɗakin gwajinku, ka ɗora shi a kan kafasita a yanayin AC, za ka ga siffar haƙorin zarto, hawa da sauri da sauka a hankali, tazarar haƙori da haƙori milisakan 10, tsayinsa tsakanin 1.1 V da 1.5 V ga 6800 µF. Idan mita kawai gare ka, ka sa ta a AC, ka ninka abin da ta nuna sau 3.5, domin RMS na haƙorin zarto shi ne tsayinsa a raba da 3.46, ke nan ya kamata ka ga kimanin 0.35 V zuwa 0.4 V. Mitoci masu araha da yawa ba sa raba AC da DC a wannan ma'auni, sai su nuna maka lamba kamar 40 V wadda ba ta da ma'ana. Idan ka ga haka, ka sa kafasita 1 µF marar gefe a jere da jar wayar mita, da razista 100 kΩ tsakanin wayoyin mitar biyu, ka jira lambar ta zauna, ko da yake irin waɗannan mitoci ba su cika karanta abin da bai kai bolt ɗaya daidai ba, gara ka ari mai kyau.

Siffar riful ɗin kanta tana faɗa maka inda cuta take. Idan tazarar haƙora ta zama milisakan 20 kuma tsayinsu ya ninka, dayod ɗaya ya yanke ko dalmarsa ba ta kama ba, gadar ta koma aikin rabin zagaye a 50 Hz. Idan tazarar tana nan a milisakan 10 amma tsayin ya fi lissafi da yawa, kafasitar ce ta bushe ko lambar jikinta ba gaskiya ba ce, kuma hanyar tabbatarwa ita ce ka jona wata mai kyau a gefenta ka ga ko riful ya faɗi fiye da yadda rabo ya nuna. Idan fiyus yana yankewa nan take ko taransifoma tana zafi ba tare da lodi ba, dayod ɗaya ya haɗe ciki ko an juya shi, sai ka zare wuta ka auna kowanne a ma'aunin dayod na mita, inda lafiyayye zai nuna tsakanin 0.5 V da 0.7 V ta gefe ɗaya, ya toshe ta ɗayan. Idan kuwa riful daidai yake amma matsakaicin wutar kafasita ya sauka ƙasa da 16 V alhali wutar gari ta cika, taransifomar ce ba ta kai 30 VA ba ko da an rubuta haka a jikinta.

Awo na ƙarshe ka yi shi da daddare lokacin da wutar unguwa ta fi sauka, da razistar 12 Ω a jone. Ka auna soket, ka auna DC a kan kafasita, ka cire rabin tsayin riful daga abin da ka samu, wannan shi ne ƙasan da regileta take gani. Idan ya tsaya sama da 14.5 V, haɗin ya yi. Idan soket ɗinku yana sauka har 190 V, taransifomar 15 V za ta ba da 12.4 V ne kawai, ƙololuwa bayan dayod ta koma 15.5 V, sararin riful ya koma bolt ɗaya kacal, kuma a wannan hali ko dai ka ƙara kafasita zuwa 10000 µF, wadda ita ma tana bakin iyaka, ko ka koma taransifoma 18 V ka sauya 7812 da allon LM2596 mai rage wuta ta hanyar yankawa, wanda ba ya mayar da rarar zuwa zafi kamar yadda 7812 take yi.